Harɗaɗɗun Sunayen Jamusanci Irin Su Kindergarten da Zeitgeist: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai koyon Jamusanci, ko wanda wata takarda daga ofishin Jamusawa ta taɓa faɗowa hannunsa, ya san irin kalmomin nan da suke cika layi guda su kaɗai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu koyo suka fi maimaitawa a kansu. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa masu ɗan zurfi.

1. Me ya sa kalmomin Jamusanci suke da tsawo haka?

Saboda Jamusawa suna haɗa kalmomi biyu ko fiye su rubuta su a manne, ba tare da tazara ba. Haus gida ne, Tür ƙofa ce, Haustür kuma ƙofar gida. Mu ma muna da irin wannan a Hausa: gidan waya, jirgin sama, gidan sauro, duk sunan abu guda ne da aka gina da kalmomi biyu. Mu muna barin tazara a rubutu, su ba sa bari. Da za mu rubuta "ofishinshugabanƙaramarhukuma" a haɗe, da shi ma ya tsorata baƙo.

Yawancin harɗaɗɗun sunayen da ake ji a bakin mutane kullum guntaye biyu ne, wasu uku. Krankenhaus asibiti, Kühlschrank firiji, Bahnhof tashar jirgin ƙasa, Handschuh safar hannu. Dogayen da ake yawo da su don ban mamaki galibi na doka ne da na ofis, kuma an yi maganarsu a tambaya ta 8 da ta 9.

2. Daga ina ake fara karanta irin wannan kalma?

Daga ƙarshe. Guntun da ya zo a ƙarshe shi ne ainihin abin da ake magana a kansa, kuma malaman nahawunsu suna kiransa Grundwort. Duk abin da ya zo gabansa bayani ne kawai na wane iri ne, shi kuma ana kiransa Bestimmungswort. A nan ne Bahaushe ya fi yin tuntuɓe, domin tsarinmu kishiyar nasu ne. Mu muna sa ainihin abin a farko, bayaninsa ya biyo baya: ƙofar gida ƙofa ce, jirgin ƙasa jirgi ne. Su kuma sai su ce "gida-ƙofa".

Kalmomi biyu za su nuna yadda abin yake. Kuh saniya ce, Milch madara. Kuhmilch ya ƙare da Milch, don haka madara ce, madarar saniya. Milchkuh ya ƙare da Kuh, don haka saniya ce, saniyar tatsa. Guntaye iri ɗaya ne, amma ɗaya ana sha, ɗaya ana kiwo. Haka Gartenhaus ɗan ɗaki ne da aka gina a cikin lambu, Hausgarten kuma lambu ne da ke jikin gida. Idan ka ɗauki guntun ƙarshe ka maido shi farko, ka liƙa masa -n ko -r namu, sau da yawa fassarar Hausa za ta fito da kanta.

Ba dole ne guntun farko ya zama suna ba. Yana iya zama aikatau, kamar Schreibtisch, teburin rubutu, ko Wartezimmer, ɗakin jira. Yana iya zama sifa, kamar Hochhaus, dogon bene. A wajen furuci kuwa ana danna murya ne a kan guntun farko: HAUStür, KINdergarten, ZEITgeist.

3. Yaya zan san ko der ne, ko die, ko das?

Guntun ƙarshe ne ke da iko da jinsi, shi ne kuma ke ɗaukar jam'i. Haus yana ɗaukar das, Tür tana ɗaukar die, saboda haka die Haustür. Zeit tana ɗaukar die, Geist yana ɗaukar der, saboda haka der Zeitgeist. Jam'in Garten shi ne Gärten, don haka jam'in Kindergarten shi ne Kindergärten, guntun farko bai motsa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Muna cewa "jirgin ƙasa ya iso" ko da yake ƙasa mace ce a nahawu, domin jirgi ne ake magana a kansa.

Wannan ƙa'ida tana rage wa mai koyo aiki ƙwarai. Wanda ya san das Zeug, wato kaya ko abin aiki, ya samu jinsin das Flugzeug jirgin sama, das Fahrzeug abin hawa, das Werkzeug kayan aiki, das Spielzeug kayan wasa da das Feuerzeug, ƙyastun kunna wuta, duk a lokaci guda. Akwai 'yan tsirarun da suka kauce, irin su der Mittwoch, Laraba, ko da yake Woche die take ɗauka, da die Antwort, amsa, ko da yake Wort das yake ɗauka. Waɗannan haddace su kawai ake yi, kuma ba su da yawa.

4. Menene wannan -s- ko -n- ko -er- da ke shiga tsakanin guntayen?

Suna kiransa Fugenelement, wato abin da ke zama a mahaɗar kalmomi biyu. Mafi yawan harɗaɗɗun sunaye ba su da shi, kamar Haustür. Sauran kuma suna ɗaukar -s- kamar Arbeitsplatz, wurin aiki, ko -n- kamar Sonnenblume, furen rana, ko -er- kamar Kindergarten, ko -es- da -e- da -en-. Wani lokacin ma yanke wa kalmar farko harafi ake yi: Schule makaranta ce, amma littafin makaranta Schulbuch ne, kuma Sprache harshe ne, amma darasin koyon harshe Sprachkurs.

Asalin waɗannan haruffa daga alamun mallaka da na jam'i na tsohon Jamusanci ne, amma yau bai kamata a dogara da su wajen gane ma'ana ba. Hühnerei yana da siffar jam'i, kamar a ce ƙwan kaji, alhali kaza ɗaya ce ta saka shi. Freundeskreis yana da siffar tilo, kamar a ce da'irar aboki guda, alhali tarin abokan mutum ake nufi. Liebesbrief, wasiƙar soyayya, tana da -s- duk da cewa kalmomi masu die ba sa ɗaukar -s a mallaka. Kalmar Kind ita kaɗai tana fitowa ta hanyoyi huɗu: Kindergarten, da Kindeswohl, wato maslahar yaro a harshen kotu, da Kindskopf, babba mai halin yara, da Kindbett, zaman jego.

Akwai ƙa'ida guda da za a iya riƙewa da kyau. Idan kalmar farko ta ƙare da -ung, -heit, -keit, -schaft, -ion ko -tät, kusan kullum -s- ne ke biyo baya: Zeitungsartikel, Freiheitskampf, Universitätsbibliothek. Sauran kuwa sai kunne da ƙamus. Su kansu Jamusawa ba bakinsu ɗaya ba, domin gasasshen naman sa Rinderbraten ne a arewa, Rindsbraten a kudu da Ostiriya. Kuma a kula, wani lokacin harafin yana raba ma'ana: Landmann tsohuwar kalma ce ta manomi, Landsmann kuwa ɗan ƙasarku ne.

5. Menene ainihin ma'anar Kindergarten, kuma wa ya ƙirƙiro ta?

Bisa ƙa'idar tambaya ta 2, kalmar ta ƙare da Garten, don haka lambu ne, lambun yara. Wanda ya raɗa sunan shi ne malamin tarbiyya Friedrich Fröbel, wanda aka haifa a 1782 ya rasu a 1852. A 1837 ya buɗe wurin wasa da ayyukan hannu na ƙananan yara a Bad Blankenburg, cikin yankin Thüringen, kuma a 1840 ya sa masa suna Kindergarten. Wuraren da ake da su a lokacin don yaran da iyayensu ke fita aiki ana kiransu Kleinkinderbewahranstalt, wato ma'aikatar ajiye ƙananan yara. Wanda ya karanta sunayen biyu daga ƙarshe zai ga abin da Fröbel yake nufi: wancan ya ƙare da Anstalt, ma'aikata, nasa ya ƙare da lambu.

Sunan yana ɗauke da ma'ana biyu a haɗe. Ta farko, yaro tamkar tsiro ne mai girma da ƙarfin da ke cikinsa, aikin babba shi ne ya kula da shi, shi ya sa aka daɗe ana kiran mai kula da yaran Kindergärtnerin, wato mai aikin lambun yara. Ta biyu, lambun na gaske ne, domin a tsarinsa kowane yaro yana da ɗan fegin da zai shuka abin da yake so. Ya kuma tsara kayan wasa da ya kira kyaututtuka, daga ƙwallo mai laushi zuwa guntayen katako masu siffar dunƙule da murabba'i. Gwamnatin Prusiya ta haramta waɗannan wurare a 1851 bisa zargin yaɗa rashin addini da aƙidar gurguzu, kuma ba a ɗage haramcin ba sai a 1860, bayan rasuwar Fröbel. A tsakanin nan ne kalmar ta ƙetare teku: Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a garin Watertown na jihar Wisconsin a 1856, da Jamusanci ake koyarwa a cikinsa.

Ma'anar ta ɗan sauya a hanya. A Amurka Kindergarten aji ne guda a cikin makaranta, shekarar da ke gaban aji ɗaya. A Gana ma KG1 da KG2 suna cikin tsarin ilimin tushe. A Jamus kuwa ba makaranta ba ce, ba dole ba ne a kai yaro, kuma na 'yan shekara 3 ne zuwa lokacin shiga firamare, wajen shekara 6. Iyayen da za su nemi gurbi a can su sani cewa kalmar da za su fi ji ita ce Kita, gajarcen Kindertagesstätte, wato wurin wunin yara. Na 'yan ƙasa da shekara 3 Krippe ne, masu kula da yaran kuma yanzu Erzieherin ko Erzieher ake kiransu.

6. To Zeitgeist fa? Na ga an fassara ta da "fatalwar zamani".

Wannan fassarar kuskure ce, amma ana iya gane inda ta samo asali. Zeit lokaci ne ko zamani. Geist kuwa kalma ce mai faɗi: tana nufin ruhi, tana nufin hankali da tunani, tana kuma nufin fatalwa. A cikin Poltergeist fatalwa ce mai buge-buge a gida. A cikin Geisterfahrer, direban da ya hau babban titi ta hannun da ba nasa ba, ita ma ma'anar fatalwa ce. Amma a cikin Geisteswissenschaften, fannonin ilimi irin su tarihi da falsafa da adabi, tunanin ɗan Adam ake nufi. A lura da mahaɗin da aka yi bayani a tambaya ta 4: Geister- ya fi zuwa da fatalwa, Geistes- da hankali.

A cikin Zeitgeist ma'anar tunani ce ke aiki. Ana nufin yanayin tunani da ɗabi'a da ya mamaye mutanen wani zamani, abin da suke ɗauka daidai ne ba tare da sun tsaya tambaya ba, wanda yake bayyana a tufafinsu da gine-ginensu da siyasarsu a lokaci guda. Ana danganta yaɗuwar kalmar ga masanin falsafa Johann Gottfried Herder, wanda ya yi amfani da ita a 1769 a madadin genius saeculi na Latin. Mutane da yawa suna jingina ta ga Hegel saboda falsafarsa ta tarihi ta ginu a kan Geist, amma kalmar ta riga rubuce-rubucensa. Ana furta ta kamar "tsait-gaist".

Abin da masu aro suka fi rasawa shi ne ɗanɗanon kalmar a bakin Bajamushe na yau. Sau da yawa tana zuwa da ɗan suka. Idan aka ce wani ɗan siyasa "läuft dem Zeitgeist hinterher", wato yana gudu a bayan Zeitgeist, ana nufin ba shi da matsaya tasa, bin yayi kawai yake yi. A ganina "yayi" ta kama rabin ma'anar, rabin da ya shafi abin da ke wucewa. Ɗaya rabin, na tunanin da ke ƙarƙashin yayin, sai an ƙara da bayani, kamar a ce "tunanin da zamani ke tafiya a kai".

7. Idan na san ma'anar guntayen, shi ke nan na san ma'anar kalmar?

Ba koyaushe ba. Guntayen suna gaya maka abu biyu suna da alaƙa, amma ba sa gaya maka wace irin alaƙa ce. Olivenöl mai ne da aka tatsa daga zaitun, Motoröl mai ne da ake zuba wa inji, Babyöl mai ne da ake shafa wa jariri. Gini iri ɗaya ne, alaƙa uku daban. Mu ma haka muke: man gyaɗa daga gyaɗa yake, man kitso kuwa don kitso ne. Sanin duniya ne ke cike giɓin.

Sannan akwai kalmomin da suka daskare a kan ma'ana ta musamman. Großstadt ba kowane babban gari ba ne, a ƙididdigar Jamus gari ne mai mutum 100,000 ko fiye. Hochzeit a guntaye "babban lokaci" ne, amma bikin aure ake nufi. Junggeselle a guntaye matashin mai sana'ar hannu ne, amma yau namijin da bai yi aure ba ake nufi, ko da ya tsufa. Augenblick, kallon ido, shi ne ɗan lokaci ƙanƙani, kamar yadda muke cewa ƙiftawar ido. A wasu ma guntun farko ya mutu: Him- da ke cikin Himbeere, wani ɗan itace ja, ba ya tsayawa shi kaɗai a Jamusancin yau.

Kalmomin da wasu harsuna suka ara ma sukan sauya nauyi. Schadenfreude, daga Schaden, cuta ko hasara, da Freude, farin ciki, ta tafi da ma'anarta daidai: jin daɗin masifar da ta samu wani. Wanderlust kuwa ta sauya. A wajen Jamus ana nufin ƙwaɗayin yawon duniya da ita, amma wandern a Jamusanci tattaki ne a ƙafa cikin daji ko tsaunuka. Bajamushen da ke marmarin ƙasashe masu nisa Fernweh zai ce, kishiyar Heimweh, kewar gida.

8. Yaya zan warware doguwar kalmar da na gani a takardar ofis?

Mu ɗauki wadda duk mai mota a Jamus zai haɗu da ita: Kraftfahrzeughaftpflichtversicherung, haruffa 36. Fara daga ƙarshe ka ja baya har ka ga cikakkiyar kalma. Za ka samu Versicherung, inshora, kuma tunda ta ƙare da -ung, die ce. Tun daga nan ka san takardar a kan inshora take. Ci gaba da ja baya, sai Pflicht, wajibi, sai Haft, daga haften, ɗaukar alhaki. Waɗannan biyun tare suke tafiya: Haftpflicht shi ne wajibin biyan diyyar ɓarnar da ka yi wa wani. Abin da ya rage shi ne Kraftfahrzeug, wanda shi ma guntaye uku ne, Kraft ƙarfi, fahr tuƙi, Zeug kaya, wato abin hawa mai inji.

Guntaye shida ke nan, amma a tsari uku ne: abin hawa, alhakin diyya, inshora. Da Hausa, inshorar biyan diyyar ɓarnar da motarka ta yi wa wani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fassara guntaye shidan ɗaya bayan ɗaya, sai a ga Haft, wanda shi kaɗai yana nufin tsarewa a kurkuku, hankali ya tashi. Dole a nemo guntayen da suka riga suka zama kalma guda kafin a shiga fassara. A baki kuma Kfz-Haftpflicht kawai mutane ke cewa, Kfz ɗin gajarcen Kraftfahrzeug ne.

Harafin -s- na tambaya ta 4 yana taimakawa a nan, domin yana nuna inda mahaɗa take. Aufenthaltserlaubnis ta rabu zuwa Aufenthalt, zama, da -s-, da Erlaubnis, izini: izinin zama. Meldebescheinigung ta rabu zuwa Melde-, daga melden, sanar da hukuma, da Bescheinigung, takardar shaida: shaidar cewa ka yi rajistar adireshinka. Ausländerbehörde kuwa hukumar baƙi 'yan ƙasar waje ce.

9. Wace kalma ce ta fi kowace tsawo?

Ba ta da iyaka a ƙa'ida, domin kowace kalma ana iya liƙa mata wata. Wadda ta fi shahara a cikin waɗanda aka yi aiki da su a hukumance ita ce Rindfleischetikettierungsüberwachungsaufgabenübertragungsgesetz, mai haruffa 63. Sunan wata doka ce ta jihar Mecklenburg-Vorpommern da aka gabatar a 1999, zamanin fargabar cutar haukan shanu, kuma an soke ta a 2013. Da hanyar tambaya ta 8 tana warwaruwa: Gesetz doka, Übertragung miƙawa, Aufgaben ayyuka, Überwachung sa ido, Etikettierung liƙa lamba, Rindfleisch naman sa. Wato dokar miƙa ayyukan sa ido kan liƙa wa naman sa lamba. Ba wanda ke faɗinta a hira.

10. Za a iya yanka kalma a wurin da ba daidai ba?

Ƙwarai, kuma yana faruwa har ga Jamusawa. Staubecken tana iya zama Stau-Becken, tafkin madatsar ruwa, ko Staub-Ecken, lungunan da ƙura ta taru. Wachstube tana iya zama Wach-Stube, ɗakin masu gadi, ko Wachs-Tube, bututun kakin zuma. A baki babu ruɗani, domin furucin ya bambanta: a Wach-Stube ana jin "sht" a farkon Stube, a Wachs-Tube kuwa ana jin "ks" sannan "t". A rubuce kuwa jimlar ce ke nuna wadda ake nufi, kuma der, die ko das da ke gaba yakan taimaka. Alamar cewa ka yanka ba daidai ba ita ce guntun ƙarshen da ka samu bai dace da jinsin da aka sa wa kalmar ba, ko bai dace da zancen ba. Idan haka ta faru, matsar da wurin yankan da harafi ɗaya ko biyu ka sake gwadawa.

11. Yaushe ake sa karan-ɗori, kuma ana iya barin tazara?

Ana sa karan-ɗori idan akwai gajarce, lamba ko harafi guda a ciki, kamar Kfz-Versicherung da E-Mail-Adresse, ko idan marubuci yana so ya kawar da irin ruɗanin tambaya ta 10. Ana kuma amfani da shi don kada a maimaita guntu: "Ein- und Ausgang" na nufin Eingang und Ausgang, mashiga da mafita. Tazara zalla a tsakiyar harɗaɗɗen suna kuskure ce a ƙa'idar rubutu, ko da yake za ka gan ta a jikin gwangwanaye da allunan shaguna. Tun gyaran ƙa'idar rubutu na 1996, idan haruffa uku iri ɗaya suka haɗu a mahaɗa ana barinsu duka, shi ya sa Schiff da Fahrt suka zama Schifffahrt da f uku.

12. Ni mai koyo, ina da damar ƙirƙiro tawa kalmar?

Kana da ita. Jamusawa suna ƙirƙiro irin waɗannan kalmomi kullum a hira da jarida, kuma mafi yawansu ba sa shiga Duden, babban ƙamusunsu. Rashin ganin kalma a ƙamus ba ya nufin ba Jamusanci ba ce. Idan kana son ka ce miyar gyaɗa, ka sa Suppe a ƙarshe, Erdnuss a farko, ka samu die Erdnusssuppe, da s uku kamar yadda aka gani a tambaya ta 11, kuma kowa zai gane ka.

Abu uku ne ke lalata ƙirƙirar mai koyo. Na farko juya tsari irin na Hausa, mutum ya ce Suppenhuhn yana nufin miyar kaza, alhali wannan kazar da ake dafa miya da ita ce, miyar kuwa Hühnersuppe ce. Na biyu mahaɗi, kuma maganinsa shi ne ka nemi wata kalma da ta fara da guntun da kake so ka kwaikwayi mahaɗinta: tunda akwai Arbeitsplatz da Arbeitszeit, to Arbeits- za ka fara gwadawa, ko da yake Arbeitgeber, mai ba da aiki, ba shi da -s-. Na uku shi ne gurbin ya riga ya cika. Kana iya gina Kaltschrank daidai bisa ƙa'ida, amma firiji ya riga ya samu suna, Kühlschrank, kuma shi mai shago zai gane nan take.